Awarwaron nan na gado ya ɗaure min kai

Jama'a, a taimaka min. Na gaji awarwaron zinariya wajen kakata, da hatimin karat 21 a jiki. A sikeli giram 30 ne. Na rataye shi da zare cikin kofin ruwa bisa sikeli, bai taɓa ƙasa ba, nauyin ya ƙaru da giram 2.5, wato girmansa 2.5 cm³ ke nan. Da na raba 30 da 2.5 sai na samu giram 12 a kowane cm³, alhali karat 21 ya kamata ya kai wajen 16 zuwa 17.

To, rami ne a ciki, ko an cika shi da jan ƙarfe? Lissafin bai bambance su ba. Ruwa bai shiga ba, don ban ga kumfa ba. Akwai hanyar ganewa ba tare da maƙeri ya yanka shi ba?