Kotlin ko Java don manhajata ta farko?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, mun yi Java zango ɗaya. Ina so in gina manhajar Android ta jadawalin lakca ga 'yan ajinmu. In ci gaba da Java ko in koma Kotlin? Kwamfutata RAM 4GB ce.

Wani tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kotlin za ki ɗauka. Tun 2019 Google ta sa shi a gaba a harkar Android, kuma Jetpack Compose, sabuwar hanyar tsara fuskar manhaja, da Kotlin kaɗai ake rubuta ta. Ki buɗe Android Studio ki gani, idan kika zaɓi Empty Activity ba za a ba ki zaɓin Java ba, sai kin koma Empty Views Activity.

Ga inda za ki ga amfaninsa a jadawalin nan naki. A ce an danna kwas, kin tura sunansa zuwa shafi na biyu, amma kin kuskure harafi ɗaya a makullin, wato kalmar da ake karɓo sunan da ita. A Java za ki karɓi `null` ba ki sani ba, kina taɓa shi manhaja ta rufe kanta a hannun 'yar ajinku, sai kin leƙa Logcat, inda Android Studio ke nuna kurakurai, ki tarar da `NullPointerException`. Kotlin kuwa ba zai bari ki yi amfani da abin ba sai kin faɗi yadda za a yi in babu shi:

```kotlin
val kwas = intent.getStringExtra("kwas") ?: "Babu suna"
```

Amma don Allah kada ki saba da `!!` don ki rufe masa baki. Wannan rufewar ce dai za ta dawo.

Wani ɗan aji huɗu: Ai Java ta mutu, ki manta da ita kawai.

Tsohon hannu: A'a malam, ba ta mutu ba. Tsofaffin manhajoji da yawa da ita aka rubuta su, kuma harsunan biyu suna zama lafiya a aiki ɗaya. Abin da ta koya na `class` da `interface` duk zai yi mata aiki.

Wata 'yar'uwa: Ni da Java na yi aikina na kammalawa, don ita malamin da ya duba ni ya iya karantawa. Idan za a ba ki maki a kai, ki fara tambaya tukuna. Wahalar da na sha ita ce tsofaffin darussan bidiyo masu koyar da `AsyncTask`, ashe an daina ba da shawararsa tun Android 11.

Wani: Ki yi Flutter mana, har iPhone za ta hau.

Mai tambaya: Na gode, amma duk 'yan ajinmu Android ce da su. Maganar kwamfutar fa?

Tsohon hannu: Nan ne damuwata. Android Studio na son 8GB aƙalla, ko wane harshe kika ɗauka. Kada ki kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta. Ki danna Build number sau bakwai a wayarki, ki kunna USB debugging, ki jona ta da kwamfuta ki gwada a kanta.

'Yar'uwar: Da 4GB ni XML, tsohuwar hanyar tsara fuskar manhaja, zan ce ta fara da shi. Compose ya fi nauyi a tawa.

Tsohon hannu: Ban gamsu ba, don daga baya sai ta sake koyo. Ta gwada shafi ɗaya da kowanne ta gani.