Na haɗa diloli biyar a imel ɗaya, ashe duk sun ga juna

Sakataren Fadama, Kura:
Slm jama'a, ku taya ni duba wani abu. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, mun haɗa kuɗi za mu sayi yuriya buhu 240 kafin noman rani ya kankama, shugaba ya ce in tambayi diloli biyar a Kano kowa ya ba da farashinsa a rubuce don kar membobi su ce an ci da su. Na rubuta imel ɗaya a waya na jera adireshinsu duka a layin To na tura. Ba a yi awa biyu ba ɗaya ya amsa, ashe Reply all ya danna, farashinsa ya je wa sauran huɗun. Washegari biyu suka turo farashi iri ɗaya sak da nasa ko kwabo babu bambanci, ɗaya ya yi gum, na ƙarshen kuma ya kira ni yana faɗa wai tunda gwanjo muka buɗe mu je can mu saya. Wlh kunya ta hana ni kallon shugaba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya yake yi?

Ɗan Auyo:
Wslm. Ai kuskurenka To ɗin nan ne Malam. Mutum ɗaya ake sawa a To, sauran ka zuba su a Cc, kofi kawai suke samu ba sa ganin komai.

Hajiya Rabi, Ringim:
A'a ƙanena, rabi ka faɗa daidai. Cc ba ya ɓoye kowa. Shekarata tara ina buga wa mutane takardu a shagon kwamfuta, duk wanda ke To da wanda ke Cc kowa na ganin adireshin kowa, kuma Reply all na kai musu duka. Bambancinsu ma'ana ce kawai, na To shi ake jira ya yi aiki, na Cc an sa shi ne ya shaida. Mai ɓoyewa shi ne Bcc. A Gmail na waya akwai ɗan kibiya a ƙarshen layin To, ka taɓa shi za su fito su biyun.

Da ni ce kai Malam Sakatare ga yadda zan jera. Adireshinka na kanka a To, shugaba da ma'aji a Cc, diloli biyar a Bcc. Kowane dila zai ga kai da shugabanninka, ba zai ga sauran diloli ba. Ko da ya danna Reply all ɗin, amsarsa ku uku za ta zo wa, wanda dama shi kuke so tunda shaida ake nema. Kai kuma in ka buɗe saƙon a Sent za ka ga jerin waɗanda ka sa a Bcc, kai kaɗai ke gani.

Ɗan Auyo:
Toh Hajiya na karɓi gyara. Kenan duk wanda na yi wa Cc a baya sun ga juna, innalillahi.

Malam Isiya Hedimasta:
Ni nawa da Bcc ɗin ne ma ya ƙone ni, ku yi hattara. Muna rigima da wani ɗan kwangila kan rufin aji biyu da ya karɓi kuɗi ya bari, na rubuta masa cikin ladabi, shi a To injiniyansa a Cc, sai na sa shugaban kwamitin iyaye a Bcc don ya gani a asirce. Dattijon nan da ya karanta sai ya danna Reply all ya rubuta "madalla Malam, ka ci gaba da matsa masa, in ya ƙi mu kai shi wajen hakimi". Ya je wa ɗan kwangila da injiniya duka. Wanda ke Bcc shi ne ba a gani, amma shi yana ganin na To da Cc sarai kuma yana iya amsa musu, ranar da ya amsa kuwa asiri ya tonu. Mutumin ya zo har ofis yana ce min munafuki, kuma gaskiya ban da bakin magana. Tun daga ranar in ina so wani ya gani a ɓoye sai in tura saƙona tukuna, sannan in shiga Sent in yi masa Forward daban.

Hajiya Rabi, Ringim:
Haka ne Malam. Ga kuma wata, na Bcc saƙon farko kawai yake samu. Duk amsar da ɗan kwangila zai turo ba za ta je masa ba. In kana so mutum ya bi maganar har ƙarshe, Cc ne wurinsa, a fili.

Abba mai POS:
Ni fa ban ga abin wahala ba, ka buɗe musu guruf a WhatsApp mana kowa ya faɗi nasa.

Sakataren Fadama, Kura:
Haba Abba, ai abin da nake gudu kenan, a guruf har lambar juna za su samu.

Maman Khalifa, Maigatari:
Mu riɗi muke haɗawa mu mata, ni ke rubuta wa masu saye. Na yi Bcc ɗina daidai wlh amma duk da haka na tona kaina, saƙon da na taɓa tura wa wani Alhaji na ɗauko na yi Forward don ƙyuyar sake rubutu, ashe a ƙasa sunansa da adireshinsa da tsohon farashin da muka yi duk suna nan, ban gungura ƙasa na duba ba. Har takardar da na liƙa sunan kamfaninsa ke kai. Sai da ɗaya ya ce Hajiya ai mun ga nawa kika ba wane. Yanzu sabon saƙo nake buɗewa, gaisuwa kuma ta kowa da kowa, ba sunan mutum. Kuma a Bcc wani lokacin saƙon Spam yake faɗawa, biyu sun ce ba su gani ba sai da na kira na ce su duba can.

Alhaji Ɗanjuma, Dawanau:
Bari in faɗi ta ɓangarenmu masu karɓa. Ni in na buɗe saƙo na ga ba sunana a To, na san an watsa wa mutane da yawa ne, ba na ɗokin amsawa. Mutum biyar kacal, me zai hana ka tura wa kowa nasa da sunansa da gaisuwarsa? Minti goma ne. Bcc na gayyatar taro ne ko sanarwa ga mutum hamsin. Kuma ni ban ga laifi ba dila ya san kana tambayar wasu, shi ke sa ya sauko.

Hajiya Rabi, Ringim:
Ya san ana tambayar wasu daban, ya san su waye daban Alhaji. Sai a rubuta a ciki cewa mun nemi farashi daga wurare da dama, ba sai an miƙa masa adireshinsu ba, ai ba su ba ka izinin rabawa ba. Amma tura wa kowa nasa ɗin ma yana da tarko, garin kwafewa mutum ya manta sunan na farko a saƙon na biyu, na gani ya fi a ƙirga.

Alhaji Ɗanjuma, Dawanau:
Duk da haka ni ina kan bakana Hajiya.

Sakataren Fadama, Kura:
Na gode ƙwarai. Na gwada da adireshin ƙannena biyu a Bcc, na karɓi wayar ɗaya na duba, nasa kawai ya gani da nawa. Sai dai na wancan satin fa, akwai yadda zan janye shi?

Hajiya Rabi, Ringim:
Babu Malam. Undo ɗin da ke fitowa a ƙasa 'yan daƙiƙu ne bayan ka tura, iyakarsa 30 ko ka saita a kwamfuta. Waɗancan biyar sun riga sun san juna, ka nemo wasu diloli ko biyu ne ka ƙara, wanda ya yi fushin kuma ka kira shi a waya, kar ka sake rubuta masa.