Neman kalmar Hausa: me za mu kira `recursion`?

Malama Hadiza, Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan shiga `recursion` da ɗalibaina na Python. Sun iya `for` da `while`, sun iya rubuta `def`. Ina faɗin kalmar da Turanci sai su gyaɗa kai, in na ba su aiki kuma su yi ta kallon allo. Ina neman sunan da zai zauna musu a kai. Ga misalin da nake farawa da shi:

```python
def jimla(k):
    if not k:
        return 0
    return k[0] + jimla(k[1:])
```

Sani Obalende: Wa'alaikumus salam. Ai maimaitawa ce, Malama. Abu ya yi ta yin kansa har ya gama.

Injiniya Bala, Yaba: Malam Sani, maimaitawa ta `for` ce, kuma wannan sunan shi ke ɓatar da yara. A `for` zagaye ɗaya yana ƙarewa kafin na biyu ya soma. Nan kuwa babu wanda ya ƙare. Ka ba shi `[3, 5, 2]`. Kira na farko ya riƙe 3 ya tsaya jira. Na biyu ya riƙe 5, shi ma jira. Na uku ya riƙe 2. Na huɗu ya tarar babu komai, ya ce 0. Sai amsa ta soma dawowa: 2, sannan 7, sannan 10. Kira huɗu suna buɗe lokaci guda, kowanne da nasa `k`. Sunan da bai nuna jiran nan da dawowar ba, bai kama ba.

Sani Obalende: To kiran kai fa? Tunda `jimla` ce ke kiran `jimla`.

Ummi Idi-Araba: Ni dai abin ya tuna mini gidanmu. Inna ta aiki Yaya sayen gishiri, Yaya ya aike ni, ni na aiki ƙanena, shi ya aiki auta. Auta ba shi da wanda zai aika, dole ya tafi da ƙafarsa. Gishirin kuma ta hannun kowa yake biyowa kafin ya kai ga Inna, don kowa so yake a ce shi ya kawo. Ku kira shi aiken ƙane mana.

Malama Hadiza, Agege: Ummi, Allah ya yi miki albarka! Auta na ɗauka, shi ne layin `if not k`. Makon jiya wani ɗalibi ya rubuta `jimla(k)` maimakon `jimla(k[1:])`. Auta na nan a rubuce, amma aiken bai taɓa sauka zuwa gare shi ba, don jerin bai ragu ba. Sai ga `RecursionError: maximum recursion depth exceeded` da layi iri ɗaya an jera masa. Yaron ya rantse shi ya sa wurin tsayawa. Ya sa ɗin, ba a kai can ba ne.

Injiniya Bala, Yaba: Wanda ya fi wahalar da su shi ne mantuwar `return` a layin ƙarshe. Auta ya kawo 0, mai riƙe da 2 ya haɗa ya samu 2, amma bai miƙa wa kowa ba, gishiri ya tsaya a aljihunsa. Na sama da shi `None` yake karɓa, ya ce zai haɗa da 5, sai `TypeError` mai ambaton `NoneType`. In kin ga `NoneType` a irin wannan aiki, fara ƙirga `return` ɗinki. Abin dariyar, da jeri mai lamba ɗaya ba zai yi kuka ba, `None` kawai zai ba ki shiru.

Amma aiken ƙane yana da tangarɗa. Ƙane wani mutum ne daban, alhali a allo `def` ɗaya ce tal. Wani ɗalibin zai zaci sai ya rubuta guda huɗu.

Alhaji Ɗanlami, Mile 12: Ni ba harkata ba ce, albasa nake sayarwa, ɗana ne ke wannan karatu. Jiya ya ce nasa ya yi daidai da lambobi goma, da ya zuba cinikin wata uku sai ya ƙi. Ko kwamfutar ce ta yi ƙarama in sake masa wata?

Injiniya Bala, Yaba: Alhaji, a bar kuɗin a aljihu. Python ba ta barin kira ya yi zurfin da ya wuce 1000 in ba a canza mata ba, `sys.getrecursionlimit()` zai nuna masa. Kowace lamba kira ɗaya ce mai jira, to jeri mai lamba dubu biyu ya wuce iyaka ko da rubutun daidai ne. Haɗa ciniki aikin `for` ne ko `sum`. Dabarar `recursion` kuwa ta abin da ke da ciki a cikin ciki ce, kamar folda cikin folda.

Malama Hadiza, Agege: To ga inda na tsaya: a allo zan rubuta kiran kai, in yi bayani da aiken su Ummi, wurin tsayawa kuma auta.

Sani Obalende: Na gode da aka ɗauki nawa. Amma Injiniya ya ce sunan ya nuna jira da dawowa, kiran kai kuwa tafiyar kawai ya nuna.

Ummi Idi-Araba: Malama, ki gwada duka biyun ranar Asabar, ki faɗa mana wanda yaran suka fita da shi a baki.