Ƙaramin abokin aiki ya hargitsa jeri, in gyara shiru ko in mayar masa?

Abban Hanifa: Salamu alaikum. Muna haɗa wa wani mai atamfa a Kantin Kwari manhajar ciniki, jibi za mu miƙa. Ɗan bautar ƙasar ofishinmu ya turo wannan in duba:

```js
function top3(sales) {
  return sales.sort((a, b) => b.total - a.total).slice(0, 3);
}
```

Manyan ciniki ukun da yake fitarwa daidai ne. Sai dai `sort()` ba ya yin sabon jeri, ainihin `sales` da aka miƙa masa yake juyawa. Na gane ne da na buɗe shafin cinikin yau, na ga na la'asar ya hau kan na ƙarfe 9 na safe, kuma ba wani gargaɗi a allo. Yaron mai kunya ne, ba na so in kashe masa gwiwa. Me zan rubuta masa?

Sadik Kabuga: Yallaɓai, ai `slice` kwafi yake yi. Ina matsalar?

Maryam Tarauni: Kwafi yake yi, Sadik, amma bayan an gama ɓarnar. Abban Hanifa, kar ka gyara shiru, gobe zai maimaita. Rubuta masa: "Lissafinka daidai ne. Buga `sales` kafin kiran `top3` da bayansa ka gani, jerin mai kira ya canza. Gwada `[...sales].sort(...)`, ka ƙara gwajin da zai tabbatar jerin bai motsa ba." Ka ja kunnensa kuma, wannan kwafin na jeri ne kawai. In ya taɓa `total` na ciniki ɗaya, na asali ma ya taɓu.

Malam Bala: Ni `splice` ne ya ci ni. Manhajar kuɗin makaranta, duk rasit ɗin da aka buga sai sunan ɗalibin ya fita daga jerin waɗanda suka biya. Aka koro yara gida alhali iyayensu sun biya. Mai makarantar ya zage ni gaban malamai, ya riƙe min cikon dubu 150 har yau. Wanda ya rubuta layin ko haƙuri bai ba ni ba. Ka mayar masa, ba lallashi.

Sadik Kabuga: Ciko kaɗai 150? Ni dubu 80 na yi irinta dukkanta.

Malam Bala: Shi ya sa ba ka ga matsalar ba. Shekara nawa ka yi a aikin nan?

Ummi: Baba Bala, Anti Maryam ce ta kawo gyara, ba shekaru ba. Ni dai `toSorted()` nake sawa.

Maryam Tarauni: Yana da kyau, amma na 2023 ne, sai Node 20 zuwa sama. Tsohuwar burauzar wayar yaran shago tana iya ƙinsa.

Ɗan Fagge: Ku bar jerin haka, Alhaji zai ji daɗi babban ciniki na sama kullum 😂

Malam Bala: Gwajin da ake cewa a ƙara, wa zai biya lokacinsa? Masu dubu 80 sun karya kasuwa. Ka ce kwana biyu na gwaji ne, a ce wane zai gama gobe.

Abban Hanifa: Wallahi mu ma ba a sa mana kuɗin gwaji ba. Ku a cikin jimla kuke cusa shi, ko daban kuke rubutawa?