Zan rufe bashi bayan biya 5, amma lissafina da nasu sun ƙi haɗuwa

Maman Biyu: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Na karɓi bashin 120,000 na wata 12, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, ina biyan 11,347 duk wata. Na biya sau 5, yanzu kuɗi sun shigo min ina so in rufe gaba ɗaya. Ni a lissafina 120,000 a raba 12 dubu goma goma ne, na biya biyar saura 70,000. Amma da na je jiya sai suka ce 74,656. Ina wannan ƙarin ya fito?

Direban Dare: Hajiya ai sun ma yi miki sauƙi. Saura wata 7, 11,347 sau 7 ya kama 79,429, ni lokacin da na rufe nawa haka na lissafa na kai musu kuma ba wanda ya ce min uffan.

Tsohon Akawu: Malam Direba in haka ka biya to ka biya ruwan watannin da ba ka riƙe kuɗin ba, da ka tambaya. Hajiya ke kuma inda lissafinki ya kauce shi ne ba 10,000 ke fita daga uwar kuɗi duk wata ba. Ruwan ana ɗora shi ne kan abin da ya rage a kanki, shi ya sa a farko yake da nauyi. Watan farko kashi 2 na 120,000 shi ne 2,400, to cikin 11,347 ɗin da kika biya 8,947 ne kawai ya taɓa uwar kuɗin, saura 111,053. Wata na biyu ruwan ya sauko 2,221 tunda uwar ta ragu, saura 101,927. Haka za ki bi, na uku 92,618, na huɗu 83,123, na biyar 73,439. In kina da Excel ki buga wannan zai ba ki kusan daidai:

```
=PV(2%,7,-11347.15)
```

Amma 73,439 ɗin nan na ranar da kika yi biya na biyar ne fa. Kwana nawa tsakanin ranar da ranar da suka ba ki lissafi?

Maman Biyu: Kwana 10 Baba.

Tsohon Akawu: Yauwa. Kashi 2 a wata kashi 24 ne a shekara, ki ɗora shi kan 73,439 ki raba da 365, ruwan kowace rana ya kama 48 da ɗan wani abu. Kwana 10 wajen 483 kenan, jimla 73,922. Kuma ki sani duk kwanan da kika ƙara ba ki biya ba wani 48 ɗin na hawa, don haka ki tambaye su adadin da suka ba ki har zuwa wace rana yake aiki.

Anti Tela: Ni nawa ba haka ya kasance ba sam. Kaya suka saya suka sayar min da riba a kai, farashin a yanke yake tun ranar da na sa hannu, da na zo rufewa da wuri suka ce rangwame sai yadda suka ga dama, na yi ta zirya kafin aka rage min ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kar ki sa rai da yawa.

Ɗan Makaranta: Anti naki ciniki ne, nata bashi mai ruwa ne kan ragowa, ba ɗaya ba ne. Baba Akawu ko dai ƙa'idar 78 suka yi mata? Na ji an ce ita ce ke cutar masu rufewa da wuri.

Tsohon Akawu: Tana cuta amma ba ita ce a nan ba. Ana tara 1 zuwa 12 ya ba da 78, watanni 7 da suka rage kuma 1 zuwa 7 ya ba da 28. Ruwan bashin duka 16,166 ne, sai a yafe mata kashi 28 cikin 78 na shi, wato 5,803, a cire daga biya bakwai ɗin da suka rage ya zama wajen 73,627. Bambancinsa da 73,439 bai kai 200 ba a ɗan gajeren bashi irin wannan, sai bashi mai shekaru ne take ciwo sosai. Abin da ya rage ba mu gano ba tsakanin 74,656 ɗinsu da 73,922 ɗinmu 734 ne, kuma da na duba kashi 1 cikin ɗari ne cif na 73,439. Ina kyautata zaton cajin rufewa da wuri ne.

Maman Biyu: Na zazzage takardar yarjejeniyar tun ɗazu ban ga inda aka rubuta caji ba wallahi, sai dai akwai wani shafi mai ƙananan rubutu da aka ce a duba jadawalin caji, shi kuma ba su ba ni ba.

Direban Dare: To ni yanzu 5,000 da wani abu kenan na bar musu in nawa irin nata ne? Ana iya komawa a nema ko ya wuce?

Tsohon Akawu: Direba sai an ga takardarka, in akwai watan da ka yi latti tara ma na iya cinye wani ɓangare. Hajiya kar ki tura ko sisi sai sun rubuta miki a rarrabe, uwar kuɗi nawa, ruwan kwanaki nawa, caji nawa, su kuma nuna miki jadawalin da 734 ɗin yake ciki.

Maman Biyu: Gobe da safe zan koma in sha Allah, ko da yake ya zama kwana 12 kenan.