Ɗanyen jins na saya, an ce kada ya ga ruwa sai bayan wata 6

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Na yi odar ɗanyen jins, irin mai taurin nan da ba a wanke ba tun daga masaƙa. Ƙugu inci 32, tsawo 34, ya yi min tsawo. In kai wa tela ya rage? Kuma da gaske ne sai ya yi wata 6 ba wanki kafin ya yi koɗewa mai kyau?

Malam Tela: Kada almakashi ya taɓa shi tukuna. Koma shafin da ka saya ka duba ko an rubuta Sanforized. In an rubuta, an riga an tsuke yadin da tururi da inji, abin da zai ƙara ja bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, wato ƙasa da inci ɗaya ko daidai nan a tsawonka. In kuwa Unsanforized ne, ko Shrink-to-Fit irin na Levi's 501, zai iya jan kusan kashi 10. Inci 34 ɗin nan sai ya dawo 30 da ɗoriya.

Juya shi bai-bai, ka jiƙa a ruwan ɗumi cikin baho kamar minti 45, ba sabulu, ba murza. Shanya a inuwa. In ya bushe ƙugun zai matse ka, kada ka tsorata, da sawa yake sake buɗewa wajen inci ɗaya. Tsawo ne ba ya dawowa. Bayan nan sai ka auna, ka kai a rage, a bar rabin inci saboda wanki na gaba.

Baban Ilham: Ni abin ya ci ni. Ranar da na karɓi nawa na kai aka yanke daidai idon sawu. Wanki ɗaya ya koma ɗangalalle, ƙanena ɗan sakandare ke sawa yanzu.

Sarkin Gwanjo: Wai duk wahalar me? Ka zo ka zaɓi wanda ya riga ya koɗe a dila, kuɗin ɗaya ya saya maka uku.

Ɗan Fagge: Ina da irinsu, Sarki. Koɗewar jikina nake so, ba ta wani ba.

Jikan Marina: Ɗan Fagge ya gane. Wanda aka wanke a kamfani, da duwatsu da sinadari aka koɗar da shi, shi ya sa za ka ga farin gwiwa ya sauka a ƙaurinka in kai gajere ne. Amfaninsa dai laushi, kuma yadda ka gwada shi haka zai zauna.

Shi ɗanyen, shuni ne kwance a bayan zare, cikin zaren fari ne fat. Duk inda ya goga, shunin ya kankare, farin ya leƙo: lanƙwasar cinya, bayan gwiwa, shatin waya a aljihu. Duk wanda ya taɓa naɗa rawani mai baba na Ƙofar Mata ya san yadda yake zuba a goshi, to haka wannan zai yi wa farin takalminka da kujerar mota a makonnin farko. Hikimar jinkirta wanki ita ce wanki yana ɗebe shuni ko'ina bai ɗaya, sawa kuwa wuri-wuri take ɗiba. In ka daɗe kafin wankin farko, bambancin duhu da haske ya fi fitowa.

Amma wata 6 a zafin Afrilu? Zufa da ƙura suna shiga zaren su riƙa cin sa kamar yashi, tsakanin cinyoyi ne ke fara ɓulewa. Ni nakan wanke bayan sawa 30 zuwa 40, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan marar bilic. Kuma in najasa ta taɓa shi ba wata maganar koɗewa, wanki ya wajaba, da shi za ka yi salla.

Auta: Ba sai an wanke ba, a sa shi a firiza ya kwana, sanyi na kashe ƙwayoyin da ke kawo wari.

Jikan Marina: Ba ya kashe su, Auta, lafawa suke yi. Da wandon ya ji ɗumin jiki warin ya dawo. Ga shi ka haɗa shi da naman miyar Hajiya.

Malam Tela: Sawa 30 ta yi kusa a ganina, shatin bai gama zama ba. Nawa sai da ya yi wata 4, ina shanya shi a iska kullum da dare, bai ɓule ba.

Jikan Marina: Kai a shago kake wuni ƙarƙashin fanka, Malam. Shi fa?

Ɗan Fagge: Babur nake hawa zuwa aiki kullum. Na duba, Unsanforized ne. Gobe zan jiƙa.

Baban Ilham: To kada ka ba mai wanki da guga. Buroshi zai sa masa, ya kafa masa kari a tsakiyar ƙafa, farin layin nan kuma ba ya fita.