Abin da masu podkas suka ce kan RSS, hoton bango da taken kashi

A wata tattaunawar masu podkas, wata ce ta kawo kuka: sau 2 Apple Podcasts na mayar mata da shirinta. Da aka duba, hoton bangonta 1200 a kan 1200 ne. Ka'idar Apple ita ce hoto mai kusurwa huɗu daidai, daga fiksel 1400 zuwa 3000 kowane gefe, JPEG ko PNG, launin RGB. Yawancin waɗanda suka tanka sun ce ta yi 3000 ta huta.

Nan wani tsohon hannu ya ja kunne: Apple da Spotify adireshin RSS suke karantawa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan shiri da jerin kasusuwansa, sautin yana wurin kamfanin da ke ajiye miki shi. Idan kin sauya hoto, ki sauya sunan fayil ɗin ma, in ba haka ba tsohon zai yi ta fitowa. Kuma kada ki taɓa `guid`, wato alamar da ke bambanta kowane kashi a RSS, na kashin da ya riga ya fita, in kin sauya shi kashin zai sake bayyana kamar sabo.

Batun taken kashi bai ja dogon zance ba. A cire sunan shiri da lamba daga ciki, lambar tana da gurbinta a cikin RSS, wato `itunes:episode`. Allon waya yana datse dogon take, don haka kalmomin farko su faɗi batun.